Makon Ƙarshe Kafin Jarrabawar Kansul: Fargaba, Barci da Abinci

Jarrabawar ƙarshe ta samun lasisin aikin jinya, wadda ɗalibai suka fi sani da jarrabawar Kansul, ita ce matakin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya take tantance wanda ya cancanci a damƙa masa majinyaci. Ɗaliban jinya kan zauna ta a watannin Mayu da Nuwamba, na ungozoma kuma a Maris da Satumba. Kashi biyu ce. Akwai tambayoyin zaɓi da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma gwajin aiki da hannu da ake kira oski, inda ɗalibi yake zagaya tashoshi, kowace tasha da aikinta da mai duba ta da 'yan mintunan da aka ware mata. Wanda bai haye ba sai ya jira wani zagaye, ya sake biyan kuɗi, ya ga abokan karatunsa sun riga shi kama aiki. Shi ya sa makon ƙarshe yake da nauyi a zukatan ɗalibai, kuma a cikinsa ne da yawa suke ɓata shirin shekaru da hannunsu.

Kwana bakwai ba sa ƙara wa ɗalibi wani ilimi mai yawa a kan abin da ya tara cikin shekara uku ko fiye. Abin da kwana bakwai za su iya yi shi ne su gyara ko su lalata yanayin da ƙwaƙwalwa za ta fito da abin da ta riga ta sani. Abubuwa uku ne suke riƙe da wannan yanayi, wato fargaba da barci da abinci, kuma a sarƙe suke. Fargaba tana hana barci, rashin barci yana sa a nemi shayi da kofi da goro, su kuma suna ƙara bugun zuciya su kashe sha'awar abinci, yunwa ta dawo ta ƙara fargabar.

Fargaba aikin jiki ce, kuma tana da dalili. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi, baki ya bushe, ciki ya murɗa, wani ma ya riƙa zaryar banɗaki. Kaɗan daga wannan yana da amfani, domin shi ke sa ɗalibi ya tattara hankali ya yi sauri. Matsalar tana farawa ne idan ta yi yawa har ta cika wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe abin da take aiki a kansa a lokacin. Wannan wuri ƙarami ne, abubuwa kaɗan yake ɗauka lokaci guda. Ɗalibin da yake lissafin yawan ɗigon ƙarin ruwa a minti ɗaya yana buƙatar ya riƙe yawan ruwan, da sa'o'in da aka rubuta, da adadin ɗigon da ke cikin mililita ɗaya. Idan rabin hankalinsa yana kan abin da zai faɗa a gida in ya faɗi, lambobin sai su zube. Wannan shi ne abin da ɗalibai ke cewa "kaina ya ɗauke wuta". Ilimin yana nan bai tafi ko'ina ba, kuma shaidar haka ita ce amsar kan dawo daram da zarar an fito daga ɗakin jarrabawa.

A oski abin ya fi fitowa fili. Ƙararrawa ta kaɗa, ɗaliba ta shiga tasha, ta tarar da mutum-mutumin gwaji a kan gado da mai dubawa riƙe da takardar maki. Aikin da aka ba ta, a ce wanke ciwo ne da ɗaure shi, ta yi shi ba adadi a ɗakin marasa lafiya. Amma hannu yana rawa wajen sa safar hannu, ta taɓa inda bai kamata ta taɓa ba, ta manta ba ta gaishe da majinyaci ta bayyana masa abin da za ta yi ba, ta tsallake wanke hannu. Makin oski yana rataye ne a kan irin waɗannan ƙananan matakai, kuma su ne na farko da fargaba take cinyewa.

Maganin da ya fi tasiri a nan shi ne sauya salon karatu. Yawancin ɗalibai suna shafe makon ƙarshe suna maimaita karanta littattafai da takardun darasi, kuma hakan yana ba su jin cewa sun gane, domin ido ya saba da shafin. Amma jarrabawa ba ta tambayar ko mutum ya taɓa ganin abu, tana tambayar ko zai iya fito da shi. A wani bincike da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006, ɗaliban da suka karanta rubutu sau ɗaya sannan suka yi ta gwada tuno shi sun riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari bayan mako guda, waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kuwa kashi 40 kawai suka riƙe, ko da yake su ne suka fi amincewa da kansu. Saboda haka aikin makon ƙarshe shi ne amsa tambayoyin baya da agogo a gefe, a daidai lokacin da za a yi jarrabawar, sannan a koma littafi kawai a kan abin da aka kuskure. Na oski kuma a yi shi biyu-biyu: ɗaya ya yi aikin yana faɗin kowane mataki da baki, ɗayan ya riƙe takardar maki da agogo, ya tsayar da shi idan lokaci ya cika ko bai gama ba. Wanda ya ji tsayarwar nan sau da dama a ɗakin kwanan ɗalibai ba zai razana da ƙararrawar ranar ba.

Akwai kuma dabarar numfashi, wadda ƙarama ce amma tana aiki idan an saba da ita. A ja iska ta hanci a hankali a ƙirga huɗu, a sake ta a ƙirga shida, a maimaita na minti biyu zuwa uku. Wannan ya kama numfashi shida a minti ɗaya. Sakin iska a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Sai dai wanda bai taɓa gwadawa ba sai a bakin ɗakin jarrabawa ba zai ga wani amfani ba, don haka a yi ta safe da dare tun farkon mako. Wasu kuma suna samun sauƙi idan suka ɗauki minti goma suka rubuta abin da ke damunsu a takarda. Sian Beilock da Gerardo Ramirez sun ba da rahoto a 2011 cewa hakan ya taimaki ɗalibai masu yawan fargaba. Ba kowa yake wa aiki ba, amma ba ya cin kuɗi kuma ba ya cutarwa. Abin da ke cutarwa shi ne zaman yini a zaurukan WhatsApp inda ake yaɗa tambayoyin da aka ce sun fita da jita-jitar yawan waɗanda za a kayar. Waɗannan suna cin lokaci, suna tayar da hankali, kuma wanda ya jingina da su ya shiga haɗarin da ya fi faɗuwa muni.

Barci ne ginshiƙin makon, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi saurin sayarwa. Babban mutum yana buƙatar sa'a bakwai zuwa tara. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take tabbatar da abin da aka koya da rana, ta mayar da shi ajiyar da za ta daɗe. Karatun da aka yi aka hana ido barci a bayansa, kamar ɗebo ruwa ne a tulu mai yoyo. Ban da wannan, rashin barci yana rage kaifin hankali kai tsaye. Binciken da Ann Williamson da Anne-Marie Feyer suka wallafa a 2000 ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 zuwa 19 ido biyu, saurinsa da daidaitonsa a wasu gwaje-gwaje suna raguwa kamar na wanda barasa ta fara taɓawa. A tambayoyin zaɓi, inda amsoshi biyu kan yi kama da juna kuma kalma ɗaya ce ta raba su, irin wannan raguwa tana cin maki masu yawa ba tare da ɗalibi ya sani ba.

Wani bincike da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka, aka wallafa a 2019, ya ƙara haske mai muhimmanci. An ɗaura wa ɗalibai kusan 100 na'urar auna barci a hannu tsawon zangon karatu. Aka tarar cewa barcin daren jajibirin jarrabawa shi kaɗai bai nuna alaƙa da maki ba. Abin da ya nuna alaƙa shi ne barcin mako da watan da suka gabata, yawansa da ingancinsa da kuma daidaiton lokacinsa. Wannan yana da fuska biyu. Ba a rama barcin mako guda a dare ɗaya. Haka kuma wanda ya yi barci mai kyau duk mako, ya kasa runtsawa sosai a daren ƙarshe, bai yi asarar da yake tsammani ba. Sanin wannan kaɗai yakan kwantar da hankalin mai juye-juye a kan katifa.

Babbar matsalar ita ce lokaci. A ɗauki misalin ɗalibar da za ta zauna jarrabawar Nuwamba. Ta saba karatun dare saboda a lokacin ne ɗakin kwana yake shiru kuma zafi ya sauka. Tana kwanciya ƙarfe 3:00, ta tashi sallar asuba, ta koma ta yi barci har ƙarfe 10:00. A lissafi tana samun kusan sa'a shida da rabi, ba laifi sosai. Amma jikinta ya saba cewa ƙarfe 8:00 zuwa 10:00 na safe lokacin barci ne, kuma a wannan lokacin ne za a buƙaci ta kasance a cibiyar jarrabawa, an tantance ta, tana gaban kwamfuta. Idan ta jira sai daren ƙarshe ta kwanta ƙarfe 10:00, barci ba zai zo ba, domin agogon jiki ba ya tsalle. Abin da yake iya matsawa baya a rana bai wuce kamar sa'a ɗaya ba.

Hanyar da za ta bi ita ce ta ja lokacin da minti 45 kowane dare. Dare na farko ta kwanta 2:15, bayan asuba ta koma amma ta tashi 9:15. Na biyu 1:30, ta tashi 8:30. Na uku 12:45, ta tashi 7:45. Na huɗu 12:00, ta tashi 7:00. Na biyar 11:15, ta tashi 6:15. A dare na shida ta kwanta 10:30, kuma daga sallar asuba ba ta komawa. Dare na bakwai, wato jajibiri, jikinta ya riga ya yarda da ƙarfe 10:00. A cikin lokutan nan biyu, na tashi ya fi na kwanciya muhimmanci, domin mutum ba zai iya tilasta wa kansa barci ba amma zai iya tilasta wa kansa tashi. Da ta tashi ta fita waje ta sha hasken safiya na minti ashirin ko talatin, ko da zagaya harabar makaranta ne, saboda hasken safe shi ne abin da ya fi jan agogon jiki baya. Da dare kuma ta rage haske, ta ajiye waya sa'a guda kafin kwanciya. Idan barci ya rinjaye ta da rana, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar ta isa. Wadda ta kai sa'a biyu, ko wadda aka yi bayan la'asar, za ta ci barcin dare ta rushe tsarin.

Za a gane tsarin yana tafiya daidai idan a kwana na huɗu ko na biyar hamma ta fara zuwa da kanta kusa da sabon lokacin kwanciya. Idan kuwa an kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, gara a tashi a zauna a wuri mai ƙarancin haske, a yi zikiri ko addu'a ko wani abu mara tayar da hankali, a koma idan ido ya yi nauyi. Kallon agogo ana lissafin sa'o'in da suka rage yana ƙara korar barci ne. Gidan sauro ma yana cikin shirin, domin sauro yana yanka barci, zazzaɓin da yake kawowa kuma yana iya kwantar da ɗalibi a makon da ba ya so.

Duk wannan tsari ba zai yiwu ba idan ba a taɓa maganar kafeyin ba, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro da lemon ƙara kuzari. Yayin da mutum yake farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo jin barci. Kafeyin yana toshe wuraren da adenosin yake kamawa ne kawai. Gajiyar tana nan, an dai rufe ta. Kuma yana daɗewa a jiki: ana ɗaukar kamar sa'a biyar kafin rabinsa ya fita. Ɗalibar nan idan ta sha gwangwani biyu na lemon ƙara kuzari ƙarfe 8:00 na dare, kowanne mai mililita 250 da kafeyin kusan miligiram 80, ta zuba 160 ke nan. Ƙarfe 1:00 na dare akwai sauran kusan 80 a jininta, ƙarfe 6:00 na safe akwai 40. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha sa'a shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da sa'a ɗaya. Miligiram 400 ɗin shi ne iyakar da aka saba bai wa babban mutum mai lafiya a yini, mai juna biyu kuwa 200. Kofin kofi na gari yana ɗauke da kamar 60 zuwa 80, kofin shayi 40 zuwa 50, shayin da aka daɗe ana dafawa a buta ya fi haka, goro kuma ana taunarsa ba a lissafa shi. Yawansa yana kawo rawar hannu da bugun zuciya da yawan fitsari, wato alamomin fargaba sak, kuma rawar hannu ita ce abin da ɗalibin oski ya fi tsoro.

Sai dai kuskure ne wanda ya saba sha kullum ya yanke gaba ɗaya ana saura kwana biyu. Ciwon kai da kasala na dainawa suna farawa cikin sa'a 12 zuwa 24, su tsananta a rana ta biyu, su faɗo daidai ranar jarrabawa. Abin da ya dace shi ne ragewa a hankali tun farkon mako, a mayar da shan zuwa safiya, a daina daga azahar. Ranar jarrabawa a sha abin da aka saba, ba ƙari.

Ɗaliban jinya suna da wata jarraba da sauran ɗalibai ba su da ita: sun san sunayen magunguna, kuma hannunsu yana kaiwa gare su. Wannan haɗari ne. Diyazefam da danginsa suna kawo barci, amma suna barin mutum da jiri da nauyin kai washegari, kuma suna raunana riƙe sabon abu. Maganin mura mai sa barci shi ma yakan bar kasala har safiya. Furofaranolol, wanda wasu ke sha don rawar hannu, yana iya tayar da asma ya kuma sauke hawan jini fiye da kima. Tiramadol da kodin ba su da wani gurbi a shirin jarrabawa, tiramadol ma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Duk maganin da likita bai rubuta ba, kuma ba a taɓa gwada shi ba, makon ƙarshe ba lokacin fara shi ba ne. Wanda kuma yake kan maganin da aka rubuta masa, na asma ko ciwon suga ko farfaɗiya, kada ya sauya lokacinsa saboda karatu.

Batun abinci ya fi sauƙi. Ƙwaƙwalwa tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin da jiki yake ƙonawa, kuma tana son ya riƙa zuwa a jere. Babu wani abinci na musamman da ke ƙara basira cikin kwana bakwai. Abin da ake nema shi ne cin abinci sau uku a kan lokaci, kowanne da abin da ke riƙe ciki: koko da ƙosai, burodi da ƙwai, alala, shinkafa da wake, dankali, tuwo da miyar ganye. Ɗalibin da ya wuni a kan biskit da lemon kwalba zai ji ƙarfi na ɗan lokaci, sannan yunwa da kasala su dawo da wuri. Tsakanin abinci, gyaɗa da dabino da ayaba sun fi alewa. Abincin dare ya zama sa'a biyu zuwa uku kafin kwanciya, kada ya cika maiƙo da yaji, musamman ga mai ƙwannafi ko gyambon ciki. Ruwa a sha a rarrabe cikin yini, launin fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan.

Abin da ya fi jefa ɗalibai cikin wahala ta fuskar abinci shi ne gurɓacewarsa. Shinkafar da ta kwana a tukunya cikin zafi, zoɓo ko ƙunun aya da ba a san ruwan da aka haɗa su da shi ba, salak ɗin bakin titi, duk suna iya kawo amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Wanda zai yi tafiya zuwa wani gari don zama jarrabawa ya fi kowa shiga wannan haɗari. Ya ci dafaffen abinci mai zafi, irin wanda cikinsa ya sani. Karin kumallon ranar kuma a gwada shi tun ana saura kwana uku, a ci shi a lokacin da za a ci ranar, a ga yadda ya zauna. Idan fargaba ta toshe maƙogwaro, rabin kofin koko da ayaba ɗaya sun fi shiga da ciki wayam, domin tantancewa da jiran layi suna iya cinye sa'o'i kafin a fara. A shekarun da jarrabawa ta faɗo cikin azumi, sahur ne yake ɗaukar wannan nauyi: a jinkirta shi, a sa wake ko ƙwai ko nono, a sha ruwa tsakanin buɗe-baki da sahur kaɗan-kaɗan, a rage shayi mai kauri.

Ranar jajibiri a rufe littafi da la'asar. A haɗa takardun shiga da katin shaida, a goge kayan aiki, a duba agogon ƙirji da abin da makaranta ta ce a zo da shi, a san hanyar cibiya da abin hawan da za a shiga. Kowane abu da aka kammala da yamma, tunani ɗaya ne da ba zai tashi mutum cikin dare ba.

Akwai iyakar da fargaba take wucewa ta zama abin kai wa asibiti. Wani yakan ji ƙirji ya ɗaure, numfashi ya sarƙe, yatsu su yi sanyi, ya ɗauka ajali ne ya zo. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya sauka, amma wanda ya fara gamuwa da shi ya kamata likita ya duba shi, domin ƙarancin jini da cutar maƙoƙo da wasu cututtukan zuciya suna iya zuwa da kama ɗaya. Ciwon kai da kasala tare da zafin jiki na buƙatar gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar, kada a ɗora wa gajiyar karatu. Wanda ya yi dare uku a jere kusan bai runtsa ba, ko ya kasa cin abinci kwana biyu, ko yake kuka ba ya iya tsayawa, ya je asibitin makaranta ko ya sanar da malamin da ke kula da ajinsu. Ɗalibin da ya fara cewa gara mutuwa da faɗuwa kuwa, abokan ɗakinsa kada su ɗauke ta maganar wasa, kada su bar shi shi kaɗai, su kai shi ga likita a ranar.